Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitocin ladabtar da ɗalibai na jami'o'i: ku ji ta bakin ɗalibi kafin ku ce ba shi ya rubuta ba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga shugabanni da mambobin waɗannan kwamitoci, ranku ya daɗe, ina da roƙo guda ɗaya. Duk lokacin da malami ya yi zargin cewa maƙalar da ɗalibi ya miƙa ba shi ya rubuta ta ba, kada takardar zargin ta iso teburinku sai an zauna da ɗalibin na minti goma sha biyar, da maƙalar a gabansa, an tambaye shi a kan abin da ke cikinta. Kuma ku ne za ku rubuta ƙa'idar wannan zama, kada a bar wa kowane malami ya yi yadda ya ga dama.

Ni malami ne, na daɗe ina duba maƙalun ɗalibai a darasin tarihin kiwon lafiyar al'umma, kuma na taɓa zaluntar ɗaliba a kan wannan batu. Da wannan zan fara, domin shi ya sa nake rubuto muku.

Akwai jingar da nakan bayar, maƙala mai kalmomi 2,500 a kan likitan nan John Snow da annobar kwalara da ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan a shekarar 1854. Labarin sananne ne. A wancan zamani yawancin likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Snow ya bi gidajen mamata, ya ga sun taru a kewayen famfon tuƙa-tuƙa na titin Broad Street, ya shawo kan hukumar unguwar aka cire hannun famfon. Tambayar da nake yi wa ɗalibai ita ce: hujjar Snow ta isa ta gamsar da mutanen zamaninsa?

Wata shekara sai ga maƙala daga wata ɗaliba da ban taɓa jin muryarta a aji ba. Rubutun ya fi abin da na saba gani daga 'yan ajin nesa ba kusa ba. Na sa shi a manhajar da ke kwatanta rubutu da abin da aka riga aka wallafa, ba ta nuna komai ba. Duk da haka zuciyata ta ƙi kwanciya. Na rubuta a gefen takardar cewa ina shakkar aikinta ne, na riƙe makinta, na kai maganar ga shugaban sashe. Makonni ta yi tana yawo da wannan tabo kafin wata abokiyar aikina, da ta girme ni a koyarwa, ta ce mini: «Malam, ka ko tambaye ta?» Ban tambaye ta ba. Hujjata kaf ita ce yarinya ba ta magana a aji, rubutunta kuma ya yi kyau da yawa.

Muka kira ta, mu biyu. Ashe in'ina take yi, shi ya sa take shiru a aji. Na nuna mata sakin layi na shida, inda ta rubuta cewa cire hannun famfon ba hujja ce mai ƙarfi ba. Na ce ta gaya mini dalili. Ta ɗauki lokaci kafin kalmomin su fito, amma da suka fito ga abin da ta ce: an cire hannun ne ranar 8 ga Satumba, alhali mace-macen sun riga sun fara raguwa, don mutane da yawa sun gudu daga unguwar, saboda haka mai cewa iska ce zai iya cewa annobar ta ci ta cinye da kanta. Na ce to wace hujja ce ta fi ƙarfi a ganinta? Ta ce waɗanda ba su mutu ba. Gidan gajiyayyu da ke kusa yana da mutum 535, biyar kaɗai suka mutu, domin suna da rijiyarsu. Ma'aikatan kamfanin giya da ke kan titin, su fiye da saba'in, cutar ba ta kashe ko ɗaya ba, don ba sa shan ruwan famfon. Iskar da kowa ke shaƙa suke shaƙa. Sai ta ƙara da abin da babu shi a maƙalar ma: da farko ta sa labarin wata mata da ke zaune a unguwar Hampstead, wadda ake kai wa ruwan famfon har gida don tana son ɗanɗanonsa, ta kuma mutu nesa da unguwar, amma ta cire shi saboda kalmomin sun wuce adadi, kuma har yanzu tana ganin kuskure ta yi da ta cire.

A nan na san na yi ɓarna. Wanda ya sayi maƙala ba ya nadamar sakin layin da aka cire, don bai san an taɓa rubuta shi ba.

Wannan shi ne abin da nake so ku fahimta game da gajeriyar kariya ta baki. Ba jarrabawar hadda ba ce, ba kuma gasar iya magana ba ce. Abin da take nema shi ne sawun zaɓin da marubuci ya yi. Duk wanda ya rubuta shafi takwas da hannunsa ya tsaya a mararraba sau da yawa: wannan misali ko wancan, wannan hujja a gaba ko a baya, wannan littafi na yarda da shi ko ina shakka. Waɗannan zaɓe-zaɓe ba sa fitowa a takarda, sakamakonsu kaɗai ake gani, amma suna nan a kan mai aikin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayi marubuci na gaskiya inda maƙalarsa ta fi rauni, zai kai yatsa wurin nan take, sau da yawa har da ɗan murmushin kunya. Wanda aka rubuta wa zai ce maka ai duk ta yi daidai, ko ya kawo rauni irin wanda za a iya faɗa a kan kowace maƙala, wai da ya samu lokaci da ya ƙara bincike.

Me ya sa manhaja ba ta wadatar ba? Domin aikinta kwatantawa ne. Tana kama wanda ya kwafo shafi daga littafi ko daga aikin wani ɗalibi. Amma idan wani ne ya zauna ya rubuta wa ɗalibi sabuwar maƙala fil, ko don kuɗi ko don zumunci, babu abin da za ta yi kama da shi, sai ta wuce tsaf. Matsalar ba ƙarama ba ce. A 2018 Philip Newton na Jami'ar Swansea ya tattara binciken da aka yi ta yi tun 1978, ya samu cewa a binciken da aka gudanar daga 2014 zuwa 2018, kashi 15.7 cikin ɗari na ɗaliban da aka tambaya sun amsa cewa sun taɓa biyan wani ya yi musu aiki. Ostareliya ta haramta sana'ar rubuta wa ɗalibai aiki a 2020, Ingila ta bi sahu a 2022. Doka tana iya rufe kamfani, amma ba za ta gaya wa malami ko wannan takarda da ke hannunsa ta wannan yaro ce ba. Abin da ya rage wa malamin shi ne zato, kuma kun ji inda zato ya kai ni.

Ba sabon abu nake kawo muku ba. Kusan kowane mai digiri na uku a cikinku ya kare kundinsa da baki. Tsarin karatun International Baccalaureate, wanda ɗalibansa na sakandare ke rubuta doguwar maƙala mai kalmomi har 4,000, yana rufe aikin ne da hira tsakanin ɗalibi da malamin da ya duba shi, kuma ɗaya daga cikin amfanin hirar shi ne malamin ya tabbatar aikin na ɗalibin ne kafin ya sa hannu. Abin da nake nema ƙaramin samfurin wannan ne.

Sai dai ina sane da abin da wasunku za su ce, kuma suna da gaskiya: tambayar baki ma tana zalunci. A 1845, a birnin Boston na Amurka, jagoran harkar ilimi Horace Mann da abokan aikinsa sun matsa aka kawo jarrabawar rubutu a makarantu a madadin ta baki, kuma cikin dalilansu akwai cewa a ta baki ba kowa ake yi wa tambaya iri ɗaya ba, mai tambaya kuma yana iya sassauta wa wanda yake so ya ƙuntata wa wanda ba ya so. Wannan haɗari bai gushe ba. Malamin da ya riga ya yanke hukunci a ransa zai iya kayar da kowane ɗalibi cikin minti uku. Ya isa ya tambaye shi lambar shafin da ya ɗauko wata magana, ko shekarar da aka buga littafi na tara a jerin manazartarsa. Ni kaina ba zan iya amsa irin wannan a kan abin da na rubuta watan jiya ba. Ga kuma abin da ba ma son faɗa a fili: ɗaki a rufe, malami ɗaya, ɗaliba ɗaya, maki a hannunsa. Kowa ya san abin da irin wannan zama kan haifar idan malamin ba mai tsoron Allah ba ne. Don haka adalcin ba a cikin tambayar baki yake ba, a cikin ƙa'idar da aka kewaye ta da ita yake, kuma ƙa'idar nan taku ce.

Ga yadda muke yi a sashenmu tun bayan waccan ɗaliba. Ana sanar da 'yan aji tun makon farko na zango, a rubuce, cewa kowace maƙala ana iya kiran mai ita ya yi bayaninta, don haka kowa ya adana daftarinsa da 'yan rubuce-rubucen da ya yi lokacin karatu. Idan za a kira ɗalibi, ana ba shi takarda kwana biyar na aiki kafin ranar, a gaya masa abin da za a yi da tsawon lokacin da zai ɗauka. In zargi ne ya jawo kiran, a faɗa masa haka ƙarara, kada a yaudare shi da cewa hira ce kawai. Muna ƙoƙarin kada a wuce mako uku daga ranar miƙa aiki, domin bayan wata biyu ko marubucin gaskiya ya fara manta dalilansa, kuma mantuwar da jinkirinmu ya jawo ba laifinsa ba ce.

Malamai biyu ke zama. Ɗaya ya san darasin, shi ke tambaya. Ɗayan bai duba maƙalar ba, ba shi da ra'ayi a kanta, aikinsa ya rubuta tambaya da amsa, ya kuma tsawatar idan tambaya ta koma tsangwama. Ɗalibi yana da damar zuwa da wanda zai zauna kusa da shi, wakilin ƙungiyar ɗalibai ko aboki, ba don ya amsa masa ba. Ana naɗar murya da saninsa. Mai in'ina, ko kurma, ko wanda tsoro ke ɗaure wa harshe, ana ƙara masa lokaci, yana kuma iya rubuta amsarsa a takarda nan take. Idan harshen koyarwa ba shi ne harshen uwa na ɗalibi ba, ba a duba kyan lafazinsa. In ya kakare ya faɗi abin da yake nufi da kalmomin da suka zo masa, ma'anar ake bi.

Tambayoyin kuwa ana rubuta su kafin a shiga, biyar ko shida, dukkansu daga cikin maƙalar. Ta farko mai sauƙi ce da gangan, don numfashi ya dawo: gaya mana a taƙaice me kake son cewa a wannan aiki. Daga nan sai a nuna wata jimla a ce ya faɗe ta da kalmominsa na yau da kullum. A ɗauki littafi ɗaya da ya dogara da shi sosai, a tambaye shi ina ya samo shi, me ya ɗauka a ciki. Sannan a zo kan tambayoyin da suka fi rarrabewa, wato na zaɓi: me ya sa ka fara da wannan, me ka bari, ina ne raunin. Ta ƙarshe ita ce a ɗan juya lamarin a ga ko zai iya bin hujjarsa zuwa inda takardar ba ta kai ba.

Bari in nuna muku da ɗalibi na biyu, a kan wannan jinga ta Snow, shekaru bayan ta farko. Wannan yaro ne mai baki, ya shigo da fara'a, ya zayyana taƙaitaccen bayanin maƙalarsa ba tangarɗa. Da a kan iya magana ake hukunci, da ya wuce. Maƙalar ta ba da shafi biyu ga ɗaya binciken na Snow, wanda ya kwatanta gidajen kudancin Landan da ke shan ruwan kamfanin Lambeth da masu shan na kamfanin Southwark da Vauxhall. Na tambaye shi me ya bambanta ruwan kamfanonin biyu. Ya ce ɗaya ya fi tsabta. Na ce me ya sa ya fi tsabta? Shiru. Amsar tana shafi na biyar na takardar da ke gabansa: kamfanin Lambeth ya mayar da wurin ɗibar ruwansa can sama da birnin, inda ƙazantar Landan ba ta shiga kogin Thames ba tukuna, ɗayan kuwa yana ɗiba a cikin gari. Na ce ya buɗe shafin ya karanta, ya karanta. Sai na yi tambayar juyi: da a ce kowane kamfani unguwarsa daban yake kai wa ruwa, hujjar za ta yi ƙarfi haka? Ya ce ƙwarai, za ta ma fi ƙarfi. Alhali gaba ɗayan shafukan biyu an gina su ne a kan akasin haka: bututun kamfanonin suna bin tituna ɗaya, maƙwabta biyu iska ɗaya, talauci ɗaya, ruwa ne kaɗai ya bambanta, shi ya sa mai cewa iska ce ba shi da mafita. Wanda ya rubuta wannan hujja ba zai juya ta kai ƙasa ba. Muka tambaye shi daftari, babu. Littattafai uku da maƙalar ta fi ambata, bai iya cewa ko a laburare ya gan su ko a intanet ba.

Ku lura da bambancin. Ɗalibar farko ta yi ta kakarewa, ta manta sunan wani marubuci, ta ce 1855 a inda take nufin 1854. Waɗannan ramukan tsoro ne, suna warwatse, kuma da an nuna mata layin sai ta kama zaren ta ci gaba har ta wuce inda aka tambaya. Na biyun bai kakare ba ko sau ɗaya, amma raminsa yana tsakiyar hujjar, kuma nuna masa layin bai taimake shi ba. Alamar da muke koya wa sababbin malamai su duba ke nan: idan aka ba ɗalibi bakin zare, yana iya ja?

Duk da haka ba mu ce masa ya yi sata ba, domin ba aikinmu ba ne. Zaman yana ƙarewa da ɗaya daga cikin abubuwa uku: mun gamsu aikinsa ne, a saki makinsa yadda yake ba ragi, ko ba mu iya tantancewa ba, ko akwai dalilin da ya isa a kawo maganar gabanku. A na biyun, ina roƙon ku rubuta ƙarara cewa shakka tana bin bayan ɗalibi ne, a ba shi makinsa. Makaranta ce ta yi zargi, ita ce za ta kawo hujja. A na ukun, abin da zai iso muku shi ne tambayoyin, da amsoshin, da muryar da aka naɗa, tare da sauran shaidu, ku auna ku ga wane ɓangare ya fi rinjaye, ɗalibi kuma ya sake kare kansa a gabanku, da damar ɗaukaka ƙara. Kada zaman minti goma sha biyar ya zama shi ne kotun.

Ba zan ɓoye muku iyakar hanyar ba. Ɗalibin da ya sayi maƙala, ya kwana biyar yana nazarinta, ya nemo littattafan ya karanta, zai iya tsallakewa. (Wani abokin aikina yakan ce irin wannan ya sha wahalar da ta kusa kai ta rubutun, amma wannan ba amsa ba ce, ya dai tsere mana.) Haka nan hanyar ba ta iya auna taimakon da ya tsaya a tsaka-tsaki: yayan da ya gyara wa ƙanwarsa jimloli har rubutun ya canza kama, alhali tunanin nata ne. Za ta amsa kowace tambaya, kuma daidai ne ta amsa. Inda gyara ya ƙare rubutawa ta fara, wannan sai ku fayyace shi a dokokinku, tambayar baki ba za ta yanke muku ba.

Saura batun lokaci, wanda na san shi ne zai fara fitowa a taronku. Aji mai ɗalibai 200, kowanne minti ashirin idan an haɗa da shiga da fita da rubuta rahoto, ya kama minti 4,000, kusan awa 67, na malamai biyu. Ba mai iya wannan a kowace jinga, ban kuma nema ba. A zaɓi ɗaya cikin goma ta hanyar ƙuri'a, a gaban wakilin aji: mutum 20, ƙasa da awa bakwai. A ƙara da 'yan kaɗan da malami ya rubuta dalilin zarginsa a kansu, dalili na zahiri da zai iya nunawa a takarda, kamar littafin da aka ambata wanda babu shi, ko rubutu da ya yi hannun riga da abin da ɗalibin ya rubuta a zauren jarrabawa. «Ya fi ƙarfinsa» ba dalili ba ne. Ƙuri'ar tana da wani amfani da ya fi tsoratarwa: wanda aka gani a bakin ƙofar ofis yana jira, ba mai iya cewa zarginsa ake yi, don shi kaɗai takardarsa ta gaya wa dalilin kiran. Ɗalibata ta farko ba ta samu wannan sutura ba, duk ajin sun san an riƙe makinta.

Abin da nake roƙo a zamanku na gaba shi ne ku sa wannan cikin kundin dokokin jarrabawa, a shafi ɗaya da kowane ɗalibi zai iya karantawa: wa'adin sanarwa, malamai biyu, tambayoyi a rubuce daga cikin maƙalar, naɗar murya, sassauci ga mai lalura, da sakamako ukun nan. Kuma duk takardar zargin da ta zo muku babu rahoton irin wannan zama a manne da ita, ku mayar da ita sashen da ta fito.

Na gode da sauraro. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Malami mai koyar da tarihin kiwon lafiyar al'umma